Na mayar da hararar Kakana sitika mai motsi, amma dariyar ta gudu

Abban Kurna:
Assalamu alaikum 'yan guruf. Masu harkar bidiyo ku taimaka mini da wani abu. A sunan da aka yi gidanmu wata ƙanwata ta ɗauki Kakanmu a waya. Ya ɗauko kofin shayi zai kai baki sai wani yaro ya ce masa ango, ya tsaya cak da kofin a hannu, ya juyo da ido kawai ya galla masa harara, sannan ya ci gaba da shan shayinsa. Duk wanda ya kalli bidiyon sai ya yi dariya har da hawaye. Na ɗauki hoton hararar na yi sitika marar motsi, ta karɓu a guruf ɗin gida. Sai na ce bari in yi mai motsi don ta fi. Na zuba bidiyon duka, sakan 6, a manhajar haɗa sitika. Abin da ya fito fuskar ta dagule, kuma ko mutum ɗaya bai yi dariya ba. Mutum ɗaya, harara ɗaya. Me ya kashe ta?

Idi Damagaram:
Wa alaikumus salam. Ka turo mana fak ɗin mu ma mu adana, ina tara irin na tsofaffi.

Abban Kurna:
Yaya Idi ba rabawa nake ba, ta gida ce. Gyara nake nema.

Sani Waya:
Matsalarka nauyi ce ƙanena. A Farm Centre kullum sai an kawo mana wayar da sitika da GIF suka cika wa ciki. Duk abin da ke motsi GIF ne, shi kuma GIF tsohon abu ne, launi 256 kawai yake ɗauka, shi ya sa fuskar Kakan ta dagule. Ka haƙura da mai motsi, ka zauna a kan hoton.

Nura Edita:
Malam Sani rabin maganarka haka take. GIF na asali launi 256 yake ɗauka a kowane hoto, kuma yana da nauyi. Amma sitikar WhatsApp ba GIF ba ce, WebP ce, ba ta da wannan iyakar ta launi. Ko abin da WhatsApp yake rubuta wa GIF a jiki, ɗan bidiyon MP4 ne marar sauti da ake maimaitawa. Don haka ba launi ne ya dagula fuskar ba.

Abba, ga lissafin. WhatsApp ya yanka wa sitika mai motsi iyaka: 512 a tsaye 512 a kwance, kada ta wuce 500 KB, kada ta wuce sakan 10. Waya tana ɗaukar hoto 30 a kowane sakan. Sakan 6 ɗinka ke nan firem 180. Ka raba 500 gida 180, kowane firem bai samu ko 3 KB ba. Alhali sitikarka marar motsi ita kaɗai an yarje mata har 100 KB. Manhajar da ka yi amfani da ita dole ta matse hoton har ya shiga, ko ta zubar da firem da yawa, ko ta yi duka biyun. Abu na farko da matsi yake cinyewa shi ne ƙananan abubuwa, wato farin ido da gira da layin baki. Ita kuwa harara a nan take zaune.

Amma ko da hoton ya fito tas, da dariyar ba ta zo ba. Wannan wata matsala ce daban, kuma ita ce babba.

Abban Kurna:
Ita nake son ji Yaya Nura. Don na ga wasu sitikokin da suka fi tawa dagulewa amma suna ba da dariya.

Nura Edita:
A bidiyon akwai murya. Mai kallo ya ji yaro ya ce ango, ya san abin da ake jira, sakan ukun farko na ɗaukar kofi ba su dame shi ba. Sitika ba ta da sauti. Maganar da ke tunzura Kaka yanzu ita ce saƙon da aka rubuta a sama, wanda kake mayar wa martani. Mutum ya riga ya karanta ta. Sai ka sa shi ya zauna sakan uku yana kallon tsoho yana ɗaukar kofi, kafin hararar ta zo wani ya turo saƙo ya ture ta sama. Kamar a yi maka tsiya ne a majalisa ka rama bayan an tashi.

Hoto marar motsi ba ya da wannan matsalar, domin mai kallo ne yake sa masa lokaci da kansa. Ido ya sauka, hararar tana nan. Da ka sa motsi ka karɓe lokacin daga hannunsa, kai ne za ka ce ga sanda za a yi dariya. In ka makara da rabin sakan an wuce ka.

Maman Ilham:
Nura ka yi mini daidai, amma bari in ƙara wani abu daga inda nake kallo, ni ba edita ba ce. Ina ganin akwai alamun da muke yi da jiki waɗanda tsayuwa ce asalinsu, akwai kuma waɗanda motsi ne asalinsu. Tagumi tsayuwa ne. Riƙe haɓa tsayuwa ne. In ka sa wa tagumi motsi ba ka ƙara masa komai ba, sai ma ka rage, don mai tagumi ba ya motsi. Amma ka ɗauki maƙe kafaɗa. Ka ɗauki hoton yarinya ta maƙe kafaɗa, za a ce wuyanta ne ke ciwo. Sai an ga kafaɗar ta tashi ta taɓa kunne ta sauka sannan a ce ta ƙi. Gyaɗa kai da girgiza kai kuwa a hoto ɗaya suke, mutum ne kawai da kai, alhali ɗaya na'am ne ɗaya a'a. Murguɗa baki ma haka.

Harara tana tsakiya. Akwai wadda ake kafe mutum da ido, wannan hoto ya isa. Akwai wadda ake yi sama da ƙasa a ɗauke kai, wannan sai da motsi. Ta Kakanka wacce ce?

Abban Kurna:
Anti ta kafewa ce. Kansa bai motsa ba, idon ne kawai ya zo gefe ya tsaya.

Maman Ilham:
To ka ga dalilin da ya sa hoton ya karɓu. Abin da motsi zai ƙara maka kaɗan ne, amma mai daɗi: tsayawar kofin a hanya. Mutum yana cikin jin daɗinsa aka katse shi. Hoto ba zai nuna an katse abu ba, sai an ga yana tafiya ya tsaya.

Ummi:
Ni tsaki nake nema har yau ban samu mai kyau ba. Duk wadda na gani sai ta zama kamar mutum yana tsotsar rake.

Nura Edita:
Ummi tsaki ƙara ne, sitika kuma bebiya ce. Masu yi sukan rubuta mtsww a jiki, ko su bar bakin su kama abin da ke biyo bayan tsakin, wato kawar da kai. Shi ake gani.

Abba, mu koma kanka. Anti ta ba ka wurin yanka ba tare da ta buɗe manhaja ba. Ka nemo inda kofin ya kusa baki, ka fara daga kamar rabin sakan kafin ya tsaya. Rabin sakan ya isa ido ya gane tafiya ake yi. Sai tsayawar, sai zuwan idon gefe, sai ka yanke kafin ya koma shan shayin. Duka bai wuce sakan ɗaya da rabi ba. Daga nan ka daskarar da firem na ƙarshe na rabin sakan, hararar ta zauna a kan mutum. In ba ka yi wannan ba, idon yana isowa sai abin ya koma farko, ba a ba mai kallo wurin dariya ba.

Sakan 2 ke nan. Ka sauke shi zuwa firem 12 a sakan, ka samu 24. Ka raba 500 gida 24, kowanne ya haura 20 KB, ninki bakwai na abin da kake da shi ɗazu. Daskararrun firem ɗin ma kusan kyauta ne, don WebP yana iya tsawaita firem ɗaya maimakon ya sake ajiye shi. In kana da kwamfuta:

```
ffmpeg -ss 3.2 -t 1.5 -i kaka.mp4 -an \
 -vf "crop=iw:iw,fps=12,scale=512:512,tpad=stop_mode=clone:stop_duration=0.5" \
 -c:v libwebp_anim -quality 50 -loop 0 kaka.webp
```

Wannan 3.2 misali ne, ka sa wurin da naka ya fara. Na ɗauka a tsaye aka riƙe wayar, shi ya sa na yanko murabba'i daga tsakiya. In fayil ɗin ya haura 500 KB ka sauke 50 ɗin zuwa 40. Bayan nan ka shigar da shi ta manhajar haɗa sitika. In ba kwamfuta, duk manhajar yankan bidiyo ta waya za ta yi maka yankan da daskarewar.

Sani Waya:
Me zai hana ya sauke zuwa firem 6 ko 8 ya huta? Ai sai ta fi sauƙi, ta fi saurin sauka ga mai ƙaramin sabis.

Nura Edita:
Saboda idon. A ce juyawar ido ta ɗauki kwatan sakan. A firem 12 ta samu hoto uku, ka ga farko da tsakiya da ƙarshe. A firem 8 ta samu biyu. A 6 wataƙila ɗaya, sai ka ga ido yana nan, ƙiftawa ɗaya yana can, kamar hoto biyu aka manna. Ga rawa ko faɗuwa 8 tana iya yi, don motsin babba ne. Ga fuska ni ba na sauka ƙasa da 12. In nauyi ya matsa, gara in rage tsawo, ko in matso da yankan kusa da fuska in fitar da mutanen da ke wucewa a baya. Kuma in hannun mai ɗauka yana rawa, komai na cikin hoton yana canzawa a kowane firem, har bango, sai nauyi ya tashi. Wanda aka ɗauka waya a ajiye ya fi shiga cikin sauƙi.

Hajiya Binta:
Ku bar ni in faɗi nawa, don har yau yana damuna. A guruf ɗin 'yan ajinmu wata ta sanar mahaifiyarta tana kwance ba lafiya, kowa yana addu'a. Ina tsakiyar aiki na buɗe sitikoki, na hango wata mata ta ɗaga hannu biyu kamar mai addu'a, na danna. Kun san dannawa ɗaya ce ta tafi. Ashe mai motsi ce. Hannun da na gani a sama, saukowa suke su tafa, ta kuma kwashe da shewa, ta sake, ta sake. Na goge wa kowa cikin minti ɗaya amma mai abin ta riga ta gani. Na kira ta na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma na ji a muryarta. Tun ranar ba na tura mai motsi sai na tura wa kaina na kalla har ƙarshe.

Maman Ilham:
Subhanallahi. Allah ya ba mahaifiyar tata lafiya. Hajiya kin kyauta da kika kira maimakon rubutu.

Nura Edita:
Amin. Hajiya, wanda ya haɗa sitikar nan yana da nasa kason. A ƙa'idar da WhatsApp ya rubuta wa masu haɗa sitika ya ja kunne a kan firem na farko, cewa ya zama cikakken hoto mai faɗar saƙon, domin in motsin ya gama maimaituwa a kansa yake tsayawa. Firem na farkon taki addu'a yake faɗa, sauran suna faɗar shewa. Sitika mai fuska biyu ke nan.

Kuma Abba wannan ya taɓa ka. A yankan da na ba ka, firem na farko tsoho ne da kofi, ba harara. In ta tsaya, wanda ya zo karanta hirar daga baya zai ga dattijo zai sha shayi a ƙarƙashin maganarsa, bai san an harare shi ba. Maganinsa ka juya da'irar. Tunda abin zagaye yake yi, ka ɗauko daskararren yankin hararar ka kai shi gaba. Ta fara da harara, ta koma ɗaga kofi, ta dawo harara. In ta tsaya a kan harara take tsayawa.

Abban Kurna:
Amma Yaya in an fara da hararar ai an tona abin tun farko. Daɗin bidiyon shi ne ba ka zata ba.

Maman Ilham:
A nan ina bayan Abba rabi. A kallon farko an yi asarar mamaki. Amma ku tuna sitika ba labari ba ce da ake ji sau ɗaya. A guruf ɗin gidanku za a ga wannan sau ɗari. Daga kallo na uku ba wanda ke mamakin hararar, mamakin yana komawa kan wa aka tura wa, kuma a kan wace magana. Kamar karin magana ne. In ka ce wa mutum in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ba sai ka ƙarasa ba, kowa ya san sauran, daɗin yana ga inda ka jefa ta.

Abban Kurna:
Na gane Anti, amma ni har yanzu ina ganin tsayawar kofin tana son a zo mata ba shiri. Zan yi duka biyun in gwada.

Idi Damagaram:
Ku yi haƙuri ɗazu ban karanta da kyau ba. Ni a Telegram na fi zama. Can sitikar bidiyo sakan 3 ce iyakarta, 256 KB, WEBM. Da farko na ji haushin sakan ukun, amma yanzu da nake karanta bayanin Malam Nura na ga ashe iyakar ce take hana mu yin kuskuren Abba. Kuma can tana ta juyawa ba tsayawa, sai in ka kashe maimaicin a saiti. A WhatsApp ɗina kuwa na ga tana yi kaɗan ta tsaya.

Sani Waya:
A tawa sau ɗaya take yi ta tsaya sai na gungura na dawo.

Ummi:
Tawa ta fi sau ɗaya, na ƙirga.

Nura Edita:
To kun gani, ku uku amsa uku. Shi ya sa nake haɗa kowace sitika ta yadda za ta tsaya da ƙafarta ko sau ɗaya aka ga ta, kuma ba za ta canza ma'ana ba in ta yi goma. Na biyun ne mai wuya.

Ku ɗauki gyaɗa kai. Mutum ya gyaɗa sau ɗaya, ya ce na ji, na yarda. Ka maimaita wannan ba iyaka, ya zama ƙadangare a kan katanga, ma'anar ta koma ci gaba da zubo ƙaryarka muna ji. Tafi ma haka. Tafi uku yabo ne, tafin da ba ya ƙarewa gatse ne. Murmushi in ya zo ya tafi ya sake zuwa daidai yadda ya zo ɗazu, sai ya zama na mugunta, don fuskar mutum ba ta maimaita kanta sak. Akwai ango da ya sa na yi masa sitikar amaryarsa tana murmushin kunya tana sunkuyar da kai. Da na ɗora ta a kan maimaici sai ta zama kamar mai gyangyaɗi. Dole na tsawaita daskarewar ƙarshe zuwa sakan biyu, don a manta da farkon kafin ya dawo.

Hajiya Binta:
Wannan gaskiya ne. Akwai wata ta gyaɗa kai da ƙanina ke turo mini in na yi masa faɗa. Shi yana nufin to Yaya na ji, ni kuma raini nake gani. Sai da muka zauna muka warware.

Malam Lawal:
Ina biye da ku tun ɗazu. Abin da zai ba ku sha'awa, shi wannan maimaicin da kuke ta magana a kai ba da shi aka haifi GIF ba. CompuServe ta fitar da GIF a 1987, aka sabunta shi a 1989 da damar sa wa kowane hoto lokacinsa, amma umarnin a koma farko a sake sai a 1995 ya zo tare da Netscape. WhatsApp kuma ya kawo sitika a 2018, masu motsi a 2020. Wato duk wannan gatsen na ƙadangare daga wani ɗan ƙari ya samo asali.

Amma ba wannan ya sa na yi magana ba. Abba, Kakan naka ya sani?

Abban Kurna:
Baba, ya ga marar motsin, ya yi dariya ya ce zai rama a kaina. Kun san tsakanin jika da kaka.

Malam Lawal:
Na sani, wasan jika da kaka halal ɗinka ne. Amma naka ne, ba na duniya ba. Sitika kuwa duk wanda ya gan ta zai iya danna ta ya adana, gobe tana guruf ɗin makarantar wata jikarsa, jibi tana hannun wanda bai san sunansa ba, ana jefa ta a ƙarƙashin zancen da shi ba zai zauna a wurin ba. Masu wasan Kannywood da ake yanko fuskokinsu sana'arsu ce su yi fuska a gaban jama'a, su ma ban ce duka suna so ba. Shi dattijo shayinsa yake sha a gidansa. Kuma a ganina mai motsi ta fi hoto nauyi a nan. Hoto ana iya cewa an kama mutum ne a wani yanayi. Motsi da ake maimaitawa yana mayar da abin da ya yi sau ɗaya a rayuwarsa ya zama kamar halinsa ke nan.

Ummi:
Baba amma ai ba abin kunya ya yi ba, harara ce kawai. Kuma ni na ga sitikar kakata ta sa jikokin da ke nesa suna tuna ta kullum.

Malam Lawal:
'Yata ban ce a daina ba. Na ce a nuna masa mai motsin, a kuma gaya masa gaskiya cewa in ta fita ba mai iya dawo da ita. In ya ce a yi, shi ke nan.

Sani Waya:
A nan Baba ya fi ni gaskiya. Sau nawa nake ganin fuskar mutum ɗaya a wayoyin da masu su ba su san juna ba.

Idi Damagaram:
Malam Nura tambaya ɗaya. Wurin da sitika ke komawa farko sai in ga hoton ya yi tsalle. Ba za a iya sa ta tafi gaba ta dawo da baya ba, irin Boomerang, don tsallen ya ɓace?

Nura Edita:
Ana yi, amma ba ga komai ba. Gaba da baya yana kyau ga motsin da dama kai da komo ne, kamar ɗaga gira ko rausaya. Ga abin da ke da alkibla yana ɓata shi. Mai tafiya zai koma da baya, shayin da aka zuba zai koma buta, wanda ya faɗi zai tashi kamar an ja shi da igiya. Wani lokaci wannan ɗin ne abin dariyar, amma ka sani wata dariyar ce daban ka ƙirƙira, ba wadda ke cikin bidiyon ba. A na Abba, in aka yi baya, idon Kaka zai janye a hankali daga kan yaron, kofin ya sauka. Harara da aka janye a hankali ta zama haƙura. Ni a nan na fi son tsallen. Yanke mai kaifi bayan daskarewa ba ya damun ido, don an riga an huta. Tsallen da ke damun ido shi ne wanda ya zo ana tsakiyar motsi. Kuma ninka firem yake yi, 18 na motsi su koma kusan 36, ka dawo gidan jiya a maganar nauyi.

Maman Ilham:
Rubutu fa? Ina ganin wasu suna sa kalma ta faɗo daidai lokacin da fuskar ta canza.

Nura Edita:
In kalma ɗaya ce ko biyu, irin To fa ko Tabɗi, faɗowarta tare da idon tana ƙara ƙarfi, ta zama madadin sautin da aka rasa. In ta fi haka a bar ta a tsaye tun daga firem na farko, don ba wanda zai karanta jimla a rabin sakan. A ta Kaka ni ba zan sa komai ba. Da ka rubuta mata kalma ka ɗaure ta a ma'ana ɗaya, alhali yanzu za ta hau kan mai neman bashi, ta hau kan mai cika baki, ta hau kan wanda ya ce yana hanya.

Abban Kurna:
Na dawo. Na yi biyu a waya, kowacce sakan 2. Fuskar ta fito tas, har farin idon ana gani. Kafin in tura ko'ina na je na nuna wa Kaka kamar yadda Baba Lawal ya ce, na gaya masa tana iya fita daga gida. Ya kalla ya fi sau biyar, ya ce a bar ta a guruf ɗin gida, wanda ya fitar da ita shi da shi. Na rubuta haka a guruf ɗin kafin in tura.

Ta farko, mai farawa da kofi, ita ta fi tayar da dariya da na jefa ta a ƙarƙashin wani yayanmu da ya ce wannan karon shi zai biya kuɗin taron gida. Amma da safe wata gwaggonmu da ba ta nan lokacin ta tambaya me ya sa na turo hoton Baba yana shan shayi. Ta biyun, mai farawa da harara, ba ta yi ƙarar ta farko ba, amma ita na ga mutane sun adana, an riga an yi amfani da ita sau huɗu ba ni na tura ba.

Nura Edita:
Ka ajiye duka biyun. Nawa kowacce ta auna?

Abban Kurna:
Ta farko 410 KB, ta biyu 430.

Nura Edita:
Kana da sauran wuri. Ka gwada ta farkon a firem 15, ka ƙara daskarewar zuwa sakan ɗaya, ka gaya mini ko idon ya fi zama.

Maman Ilham:
Ni ta biyun na zaɓa har yanzu. Ummi, ke fa, in an samo miki mai kawar da kan za ki karɓa a matsayin tsaki?

Ummi:
Sai na gani Anti. Akwai wata 'yar'uwata da ta iya shi sosai, zan tambaye ta ko za ta yarda in ɗauke ta, waya a ajiye kamar yadda Yaya Nura ya ce.